Farfasa Lamba: Hanyar Gano HCF da LCM Ba Tare da Lalube Ba

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado zai iya tuna cewa malami ba ya fara taɓa kuɗin sai ya nemo wata lamba tukuna. Idan mamacin ya bar mata da 'ya'ya da mahaifiya, za ka ji an ce asalin mas'alar 24 ne. Matar tana da tumuni, kashi ɗaya cikin 8, mahaifiya tana da sudusi, kashi ɗaya cikin 6, kuma 24 ita ce lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 6 suke raba ta ba tare da ragowa ba. Abin da malamin ya nemo shi ne abin da ake rubuta wa yara a allo da sunan LCM tun daga ƙarshen firamare. Ɗan'uwansa kuwa shi ne HCF, wato lamba mafi girma da take raba lambobi biyu ko fiye daidai-wa-daida. A makarantun Nijar ana rubuta su PPCM da PGCD, amma aikin ɗaya ne.

Hanyar da aka fi fara koya wa yara ita ce jerawa. Ana son HCF na 12 da 18, sai a jera duk lambobin da ke raba 12, wato 1, 2, 3, 4, 6, 12, a jera na 18, wato 1, 2, 3, 6, 9, 18, a ga cewa 6 ce babba a cikin waɗanda suka fito a jeri biyun. Ana son LCM, sai a yi ta ninka kowacce: 12, 24, 36 a nan, 18, 36 a can, an haɗu a 36. Wannan hanya ba ta da laifi muddin lambobin ƙanana ne. Amma a ba yaro 180 da 168 a ce ya jera ninkinsu har su haɗu. Sai ya ninka 180 sau 14, ya ninka 168 sau 15, kafin ya ga lamba ɗaya a jerin biyu, kuma in ya yi kuskuren tarawa sau ɗaya a hanya, zai wuce mahaɗar bai sani ba. Farfasa lamba zuwa lambobin firam shi ne maganin wannan wahala, kuma farfasawa ɗaya takan ba da amsoshin biyu gaba ɗaya.

Lambar firam ita ce lambar da ta fi 1 wadda ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, kuma guda 25 ne a ƙasa da 100. Duk sauran lambobi da su aka gina su, kamar yadda ake gina katanga da tubali: 12 ita ce 2 × 2 × 3, 18 kuma 2 × 3 × 3. Abin da ya sa hanyar ta zama abin dogaro shi ne kowace lamba tubalanta iri ɗaya ne ko ta ina ka fara fasa ta. Ka fara 180 da 10 × 18, ko da 4 × 45, ko da 2 × 90, ƙarshenta dai 2 biyu, 3 biyu da 5 ɗaya za ka tarar. Tushen wannan magana yana cikin littafin Uƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan Bajamushen nan Gauss ya kafa mata cikakkiyar hujja a littafinsa na 1801. Saboda ita ne ma aka cire 1 daga cikin firam. Da an bar ta, da sai a rubuta 6 a matsayin 2 × 3, ko 1 × 2 × 3, ko 1 × 1 × 2 × 3, babu iyaka, ka ga ke nan lamba ɗaya ta samu farfasawa barkatai.

Yadda ake farfasawa

A fara da ƙaramar firam, a yi ta rabawa da ita har sai ta ƙi, sannan a matsa zuwa ta gaba. Ɗauki 168. Ta ƙare da 8, saboda haka 2 za ta raba ta: 84. A sake, 42. A sake, 21. A nan 2 ta ƙi. A gwada 3, a samu 7, ita kuma 7 firam ce, aiki ya ƙare. Haka za a yi wa 180: 90, 45, sai 3 ta karɓa, 15, 5. Ana rubuta sakamakon a taƙaice da 'yar ƙaramar lamba a sama, wadda ke nuna sau nawa firam ɗin ta bayyana:

168 = 2 × 2 × 2 × 3 × 7 = 2³ × 3 × 7
180 = 2 × 2 × 3 × 3 × 5 = 2² × 3² × 5

A lura, 2³ tana nufin 2 × 2 × 2, wato 8, ba 6 ba. Wannan tuntuɓe ya kayar da yara da yawa waɗanda suka yi komai daidai har zuwa layin ƙarshe.

Akwai 'yan alamu da ke rage gwaje-gwaje. Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, to 2 za ta raba ta. Wadda ta ƙare da 0 ko 5, to 5 za ta raba ta. Ita kuwa 3, sai a tara alƙaluman lambar a duba: 168 ta ba da 1 + 6 + 8 = 15, kuma tunda 3 ta raba 15, za ta raba 168. Wannan alamar ce ke tona asirin lambobi irin su 51, 57 da 87, waɗanda ido yake ɗauka firam ne alhali 3 × 17 ne, da 3 × 19, da 3 × 29. Mafi yaudara duka ita ce 91, domin ta tsallake 2, 3 da 5, sai mutum ya saki jiki, ashe 7 × 13 ce.

To yaushe ake daina gwaji a ce lallai lamba firam ce? Da zarar firam ɗin da kake gwadawa, in ka ninka ta da kanta, ta wuce lambar. Ga 97: 2, 3, 5 da 7 duk sun ƙi, ta gaba ita ce 11, kuma 11 × 11 = 121, ta wuce 97. Ba sai an ci gaba ba. Dalili kuwa, in da 97 za ta fashe gida biyu, dole ɗaya daga cikin biyun ta gaza 10, da kuwa tuni an kama ta.

Ƙa'ida ɗaya mai fuska biyu

Mu koma ga 12 da 18, waɗanda muka riga muka san amsarsu, don mu ga ƙa'idar tana aiki a fili.

12 = 2² × 3
18 = 2 × 3²

Lambar da za ta raba 12 dole duk firam ɗin da ke cikinta ya kasance a cikin 12, kuma kada ya wuce yawan da 12 take da shi. Haka nan ga 18. To lambar da za ta raba su duka biyu, 2 nawa za ta iya ɗauka? Ko da yake 12 tana da biyu, 18 ɗaya kawai gare ta, saboda haka ɗaya za a ɗauka. Batun 3 ma haka, 12 ce mai ƙaranci, ɗaya gare ta. HCF ya zama 2 × 3 = 6.

LCM kuma akasin haka ne. Ana neman lambar da 12 za ta shige cikinta, 18 ma ta shige. Don ta ɗauke 12, tana bukatar 2 guda biyu. Don ta ɗauke 18, tana bukatar 3 guda biyu. Ba ta bukatar 2 guda uku, domin ɗayar da 18 ke nema tana cikin biyun da aka riga aka tanada. LCM ya zama 2² × 3² = 36.

Ƙa'idar ke nan. A wajen HCF, firam ɗin da kowa yake da shi kaɗai ake ɗauka, a mafi ƙarancin yawansa. A wajen LCM, duk firam ɗin da ya bayyana ko a wurin wa ake ɗauka, a mafi yawansa. Abin da ke rikita mai hadda shi ne sunayen suna jan hankali zuwa baya: wanda ake kira mafi girma shi ne ke ɗaukar ƙaramin yawa, wanda ake kira mafi ƙanƙanta shi ne ke ɗaukar babba. A ganina malamin da ya tsaya ya bayyana dalilin nan na sama, ko da zai cinye darasi guda, ya fi wanda ya sa aji rera ƙa'idar sau hamsin, domin mai hadda in ya juya ta a ɗakin jarrabawa ba shi da abin da zai gane ya juya.

Akwai kuma awo mai sauƙi da ba ya cin minti ɗaya. HCF ba ya taɓa wuce ƙaramar lambar da aka bayar, LCM kuma ba ya taɓa gaza babbar. Wanda ya samu 36 a matsayin HCF na 12 da 18, ya tambayi kansa yadda 36 za ta raba 12.

Yanzu ga waɗancan manyan da suka gagari jerawa, 180 da 168. Firam ɗin da suka yi tarayya a kai su ne 2 da 3. A wajen 2, 180 tana da biyu, 168 tana da uku, ƙarami shi ne biyu. A wajen 3, ƙarami shi ne ɗaya. Ita 5 ta 180 ce ita kaɗai, 7 kuma ta 168 ce, saboda haka ba su da wuri a HCF.

HCF = 2² × 3 = 12
LCM = 2³ × 3² × 5 × 7 = 8 × 9 × 35 = 2520

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da 5 da 7 a LCM, a tsaya a 72. Awon da muka faɗa zai kama shi nan take, tunda 72 ba ta kai 180 ba. Akwai kuma awo na biyu wanda ya fi kaifi: in lambobi biyu ne, HCF sau LCM daidai yake da lambar farko sau ta biyu. A gwada: 12 × 2520 = 30,240, kuma 180 × 168 = 30,240. Ba sihiri ba ne. A kan kowace firam, HCF ya ɗauki ƙaramin rabo, LCM ya ɗauki babba, in an haɗa su an dawo da duk abin da lambobin biyu suke da shi. Ita wannan 2520 lamba ce mai ban sha'awa a karan kanta, domin ita ce mafi ƙanƙantar lambar da kowace lamba daga 1 zuwa 10 take rabawa ba ragowa.

Idan tambaya ta zo cikin labari

Farfasawa aikin hannu ne, kowa zai iya da 'yar maimaitawa. Inda ake faɗuwa shi ne tambayar da ba ta ambaci HCF ko LCM ba, ta bar ka ka gane wanda take nufi. A ce wata ƙungiyar unguwa ta tara kayan azumi: mudun shinkafa 84, mudun gero 126, da mudun masara 210. Ana son a raba wa gidaje, kowane gida ya samu daidai da na kowa, kada a fasa mudu, kada kuma komai ya rage. Gida nawa ne mafi yawa da za a iya ba?

Yawan gidajen dole ya raba 84, ya raba 126, ya raba 210. Ana yanka abu babba ne zuwa ƙanana, amsar kuma ba za ta wuce 84 ba, saboda haka HCF ake nema.

84 = 2² × 3 × 7
126 = 2 × 3² × 7
210 = 2 × 3 × 5 × 7

Duka ukun suna da 2, da 3, da 7, kowanne aƙalla sau ɗaya. HCF = 2 × 3 × 7 = 42. Gida 42 ke nan, kuma abin da ya rage a kowace farfasawa bayan an cire 2 × 3 × 7 shi ne rabon gida ɗaya: shinkafa mudu 2, gero mudu 3, masara mudu 5. Ba sai an sake wata rabawa ba, amsar tana kwance a kan takardar.

Ga wata ta ɓangare na biyu. A wata tasha, motar hanya ta farko tana tashi duk bayan minti 12, ta biyu duk bayan minti 18, ta uku duk bayan minti 30. Sun tashi tare da ƙarfe 6 na safe. Yaushe za su sake tashi tare? A nan ba yanka ake yi ba, jira ake yi abubuwa masu zagayowa su haɗu, kuma amsar ba za ta gaza minti 30 ba. LCM ke nan. Da yake 12 = 2² × 3, 18 = 2 × 3², 30 = 2 × 3 × 5, sai a ɗauki 2² da 3² da 5, a samu 4 × 9 × 5 = 180. Minti 180 awa 3 ne, za su haɗu da ƙarfe 9. A kula da ma'auni a irin wannan tambaya: in an ce ɗaya minti 45, ɗaya kuma awa 1, sai an mai da awar minti 60 kafin a fara farfasawa.

Da lambobi suka kai uku, abubuwa biyu sukan ɓaci. Na farko, wancan awo na HCF sau LCM ya daina aiki. Ɗauki 4, 6 da 10: HCF 2 ne, LCM 60 ne, an ninka an samu 120, alhali 4 × 6 × 10 = 240. Dalilin a bayyane yake, domin ƙarami da babba kawai aka ɗauka, na tsakiya ya zube. Na biyu ya shafi masu jera lambobin a layi ɗaya suna raba su tare a tsani. Hanyar tana da kyau, amma wurin tsayawa ya bambanta. In HCF ake nema, ana tsayawa da zarar an rasa firam ɗin da zai raba dukkansu. A misalin motoci, 2 ta mai da 12, 18, 30 zuwa 6, 9, 15, sannan 3 ta mai da su 2, 3, 5, a nan aka tsaya, HCF 6. In LCM ne kuwa, ana ci gaba ko da lamba ɗaya ce kawai firam ɗin zai raba, ana sauko da sauran yadda suke, har kowa ya zama 1. Wanda ya cuɗanya dokokin biyu zai fito da lambar da ba HCF ba ce, ba kuma LCM ba.

Wani lokaci lambobi biyu ba su da firam ko ɗaya na tarayya. To HCF ɗinsu 1 ne, ba sifili ba, domin 1 tana raba kowa, LCM kuma sai a ninka su kawai. A Amurka akwai wasu ƙwari masu tsananin kuka da ke zama a ƙarƙashin ƙasa shekaru, wani rukuni yana fitowa duk bayan shekara 13, wani duk bayan 17. Tunda duka biyun firam ne, rukuni biyu irin waɗannan ba sa haɗuwa sai bayan 13 × 17, shekara 221. A 2024 wasu rukunai biyu suka fito tare, rabonsu da haka tun 1803.

Komawa ga gado

Rabe-raben da aka ƙayyade a gado shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Lambobinsu na ƙasa su ne 2, 4, 8, 3 da 6, kuma in an farfasa su ba a samun komai sai 2 da 3. Mafi yawan 2 yana cikin 8, wato 2³, ita kuwa 3 ba ta wuce ɗaya ba. Shi ya sa babban asali a cikin asalai bakwai da malaman fara'ili suke lissafawa, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, ya tsaya a 2³ × 3 = 24.

A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, uwa, uba da ɗa namiji ɗaya, kuma bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, naira 4,800,000 ta rage. Mata tumuni, uwa sudusi, uba sudusi, ɗa ya kwashe saura. LCM na 8 da 6 shi ne 24, sai a kasa dukiyar kashi 24, kowane kashi naira 200,000. Mata ta samu kashi 3, naira 600,000. Uwa da uba kowa kashi 4, naira 800,000. Ɗa ya samu kashi 13, naira 2,600,000. In matan biyu ne, tumunin nan ɗaya za su raba, kashi 3 kuma ba ya rabuwa biyu. Kowace tana da ɗaya cikin 16 ke nan, kuma tunda 16 = 2⁴, LCM ya koma 2⁴ × 3 = 48. Kowace mata kashi 3, uwa 8, uba 8, ɗa 26. Malami zai kai ga 48 ɗin nan ta hanyar ninka 24 da yawan matan, abin da ake kira gyaran mas'ala.

Malaman fara'ili sun daɗe da kasa dangantakar lambobi biyu gida huɗu, kuma duk wanda ya gane farfasawa zai ga dalilin kowane hukunci. In lambobin iri ɗaya ne, kamar 6 da 6, tamasuli ke nan, a ɗauki ɗaya. In ƙaramar tana raba babbar, kamar 2 da 8, tadahuli ke nan, a ɗauki babbar. In ba su haɗa komai ba, kamar 3 da 8, tabayuni ke nan, a ninka su. In kuwa wata lamba tana raba su duka, kamar yadda 2 take raba 6 da 8, tawafuƙi ke nan, sai a raba ɗaya da wannan lambar a ninka da ɗayar: rabin 8 sau 6, wato 24. Wannan na ƙarshe shi ne dai ninka lambobi biyu a raba da HCF.

Tambayoyin da ke da ɗan tarko

Masu shirya jarrabawa suna son saka ragowa a ciki. Mai kiwon kaji ya ƙirga ƙwansa goma sha biyu-biyu, 5 suka rage. Ya ƙirga goma sha biyar-biyar, 5 suka rage. Ya ƙirga ashirin-ashirin, har wa yau 5. Mene ne mafi ƙarancin ƙwan da zai iya kasancewa da shi, in dai sun fi 5? A ajiye biyar ɗin nan gefe tukuna. Abin da ya saura 12, 15 da 20 duk suna raba shi, to LCM ɗinsu ne: 2² × 3 × 5 = 60. A mai da biyar ɗin, amsa 65. A duba: 12 sau 5 da ragowar 5, 15 sau 4 da ragowar 5, 20 sau 3 da ragowar 5.

Takwararta ta HCF ana cire ragowar ne tun farko. Wace lamba ce mafi girma da za ta raba 131 ta bar 5, ta kuma raba 217 ta bar 7? In ta bar 5 a 131, to tana raba 126 daidai. In ta bar 7 a 217, tana raba 210 daidai. Mun riga mun farfasa waɗannan biyun a rabon azumi, HCF ɗinsu 42. A tabbatar: 42 × 3 = 126, saura 5; 42 × 5 = 210, saura 7. Bambancin da za a riƙe shi ne a tambayar ƙwai lambar da ake rabawa ce ba a sani ba, shi ya sa aka ƙara ragowa a ƙarshe, a nan kuwa mai rabawar ce ba a sani ba, shi ya sa aka ɗebe a farko.

Sai wadda ake juyo da ita ta baya. HCF na lambobi biyu 12 ne, LCM ɗinsu 360, ɗaya daga cikinsu 72. Mece ce ɗayar? Gajeriyar hanya ita ce 12 × 360 ÷ 72 = 60. Amma ya fi daɗi a gano ta firam bayan firam, don a ga abin da ke faruwa. HCF shi ne 2² × 3, LCM shi ne 2³ × 3² × 5, ita kuma 72 ita ce 2³ × 3². A wajen 2, 72 ce ta riƙe babban rabo, saboda haka ƙaramin, 2², na ɓoyayyiyar lambar ne. A wajen 3 ma haka, ɗaya gare ta. Ita 5 ba ta cikin 72, dole daga ɗayar ta fito. An samu 4 × 3 × 5 = 60. Wannan duba yana kuma nuna tambayar da aka shirya ba daidai ba. HCF dole ya raba LCM, saboda haka in aka ce HCF 18 ne LCM kuma 120, babu lambobi biyu a duniya da za su cika wannan sharaɗi, ko da kalkuleta ta fitar da wata amsa.

Inda hanyar take gajiya

Farfasawa tana da sauri ne muddin firam ɗin da ke ciki ƙanana ne. A gwada 667 da 899. Kafin 899 ta fashe, sai an gwada 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19 da 23 duk sun ƙi, sai a 29 ta buɗe, 29 × 31. In lambobin suka kai alƙaluma ɗaruruwa, manyan kwamfutoci ma sukan gaza, kuma a kan wannan gazawar aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA da aka ƙirƙiro a 1977, wanda ake tsare bayanai da shi a intanet.

Ga irin waɗannan, tsohuwar hanyar Uƙlidis ta fi, domin ba ta bukatar sanin firam ko ɗaya. A raba babbar da ƙaramar a riƙe ragowa, sannan a raba mai rabawar da ragowar, a yi ta haka har ragowa ta zama sifili. Raba 899 da 667, saura 232. Raba 667 da 232, ta shiga sau 2, saura 203. Raba 232 da 203, saura 29. Raba 203 da 29, ta shiga sau 7 cif. Ragowar ƙarshe kafin sifili ita ce HCF, wato 29. Hanyar tana aiki ne saboda duk lambar da ta raba lambobi biyu tana raba bambancinsu, don haka HCF ba ya canzawa yayin da lambobin suke ta ƙanƙancewa. Da 29 a hannu, sauran aikin rabawa biyu ne: 667 ÷ 29 = 23, 899 ÷ 29 = 31, LCM kuma 23 × 29 × 31 = 20,677.